An yanke mini hukunci a Landan, zai iya bina har Kano?

"Ina fitar da riɗi daga Dawanau. Wani kamfanin Turkiyya ya ce kayana ba su kai ingancin da muka yi yarjejeniya ba, ya kai ƙara gaban masu sasanci a Landan, ni kuma ban je ba. Sun ce in biya dala 80,000. Kotun Najeriya za ta tilasta mini?"

Alhaji, za ta iya, kuma galibi hakan take yi. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe suka amince su zartar da hukuncin masu sasanci na ƙasashen waje, tun 1970, dokar sasanci ta 2023 kuma ta tanadi hanyar a sashe na 57 da 58. Kamfanin zai kai wa Babbar Kotu hukuncin da kwantiraginku mai ɗauke da sharaɗin sasanci, na asali ko kwafin da aka tabbatar. Da zarar kotu ta amince, ya zama kamar nata hukuncin, ana iya riƙe kuɗinka na banki.

Alƙali ba zai sake buɗe buhu ya duba danshin riɗi ko yawan tsakuwa ba. Ko da masu sasancin sun yi kuskure wajen auna hujja, wannan ba dalilin ƙi ba ne. Yadda aka gudanar da shari'ar ake dubawa, kuma kai ne za ka kawo shaida.

Ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce sanarwa. In ba a sanar da kai naɗin mai sasanci ko ranar zama ba, har ka rasa damar kare kanka, kotu na iya ƙin hukuncin. To amma tun yau ka buɗe imel ɗin da ke rubuce a kwantiragin, da takardun masu kawo saƙo. In takarda ta iso shago, yaronka ya sa hannu, aka jefa ta a durowa, an sanar da kai ke nan. Wanda aka kira ya ƙi zuwa ba a hana shi magana ba, kuma nan ne 'yan kasuwarmu suka fi faɗuwa.

Sai ka ɗora hukuncin kusa da kwantiragin. In sharaɗin ya tsaya kan kwantena biyar, amma aka haɗa da wani tsohon bashi na daban, ana iya yanke wannan ɓangaren a zartar da sauran. Haka in an ce mutum uku za su zauna, ɗaya ya yanke, ko wanda ya sa hannu ba shi da ikon ɗaure kamfaninka. Hujjar saɓa wa maslahar ƙasa tana aiki ne a kan zamba ko cin hanci, tsadar dala ba ta shiga ciki.

Soke hukuncin kuwa sai a kotun Ingila, inda wa'adin kwana 28 ne. Ko ka shigar a can, kotun nan na iya cewa ka ajiye jingina kafin ta dakata. Ka kai wa lauya takardun a makon nan; in bai ga ƙofa ba, nemi kamfanin ku daidaita biya kashi-kashi kafin kuɗin ruwa da na shari'a su hau kai.