Yaron ne ya turo maka takardar, shi ne kuma ya nuna maka inda za ka bincika

*Malam, ina sayar da kayan masarufi sari a Babbar Kasuwar Katsina. Ina so in buɗe sito na biyu a Daura in damƙa wa wani yaro, ɗan abokin yayana ne, ya ce ya yi babbar difloma a fannin akanta. Ya turo mini hoton takardar ta WhatsApp, akwai lambar QR a jiki. Ɗana ya haska da waya, shafi ya buɗe da sunan yaron da alamar kore. Kayan da zan zuba za su kai miliyan 15. Wannan binciken ya wadatar?*

Alhaji, bai wadatar ba, domin ba ka yi bincike ba tukuna. Yaron ne ya kawo takarda, shi ne ya kawo lambar da za a haska, lambar ce ta kai ku shafin da ya ce takardar gaskiya ce. Da mai kaya da mai shaida duk daga gida ɗaya suka fito. Kai da ba ka karɓar buhun shinkafa sai ka soka ƙarfe ka ga ƙwayar da idonka, yaya aka yi ka yarda da wannan?

Waɗannan ɗigo-ɗigon baƙaƙe ba hatimi ba ne. Adireshi ne kawai da aka rubuta yadda waya za ta karanta. Duk mai shagon kwamfuta zai iya haɗa irinsa cikin minti biyu, kyauta, ya sa ya kai ka shafin da shi da kansa ya tsara, da tambarin makaranta da alamar kore. Abin dubawa shi ne adireshin da ya fito a saman wayar. Jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan galibi adireshinsu na ƙarewa da `.edu.ng`, hukumomin gwamnati kuma da `.gov.ng`, kuma ba kowa ake ba waɗannan ba. Idan ka ga irin `makaranta.edu.ng`, to akwai alamar gidan ne. Idan ka ga `makaranta-edu-ng.com`, wannan kowa zai iya saye da 'yan dubbai. Na tabbata ɗanka alamar kore ya kalla, bai kalli sama ba.

Takardar da aka bayar ta na'ura da gaske, hanya biyu ake tabbatar da ita. Ta farko, mai bayarwa yana da rumbun bayanai, kai kuma ka shiga da ƙafarka ka nema. Hukumar WAEC ta buɗe irin wannan dandali a 2022, NECO kuma ta kawo nata mai suna e-Verify a 2023. Ka buga adireshin hukumar da hannunka, ka sa lambar jarrabawa da shekara, ka biya kuɗi kaɗan, sakamakon ya fito daga wurinsu. Ta biyu ita ce sa hannu na na'ura. Makaranta tana da wani makulli na sirri da take rufe fayil ɗin da shi, kuma ko harafi ɗaya aka canza a ciki, ko a mai da sakamako mai rauni ya zama mai kyau, manhajar dubawa za ta nuna cewa an taɓa shi. Amma wannan sa hannun a cikin ainihin fayil ɗin yake zaune. Da zarar an ɗauki hotonsa ko an buga shi a takarda, ya tafi. Abin da ke wayarka hoto ne, bai fi fotokwafi daraja ba.

Wannan tsari ya rage wahala ƙwarai, ban musa ba. A da sai ka rubuta wa magatakardan makaranta wasiƙa ka zauna jira wata biyu, wani lokaci amsar ba ta zuwa. Yanzu inda makaranta ta shiga tsarin, kafin shayinka ya huce ka gama.

Ga abin da za ka yi. Ka kira yaron shago, ya zo da katin NIN da ainihin takardun. Ɗanka ya nemo shafin makarantar da kansa, kada ya bi ta lambar da ke jikin hoton. Idan suna da wurin tantancewa, a sa lambar rajistar yaron a can. Sannan ka jera abu uku: suna, ranar haihuwa, da hoto idan akwai. Ka fara da ta sakandare ma, tunda ita ce mafi sauƙin dubawa, kuma wanda ya yi ƙarya a sama sau da yawa daga ƙasa ya faro.

Dalilin da ya sa na dage kan hoto da ranar haihuwa, wani ɗan kasuwa ne da na sani, mai sayar da siminti. Ya yi komai daidai, ya shiga shafin makaranta na gaskiya, takarda ta fito ta gaskiya. Sai bayan wata bakwai, da lissafi ya ƙi haɗuwa har kusan miliyan biyu, aka gano takardar ta wan yaron ce. Sunan mahaifi ɗaya, sunan farko kuma a gida kowa da laƙabi yake kiransu. Na'ura ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta ko an ba mai wannan suna takarda, ta ce e. Ba wanda ya tambaye ta ko shi ne ke tsaye a gaban kanta, kuma ba ta da idon ganin haka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Tantancewa tana nuna cewa makaranta ta bayar, ba ta nuna cewa makarantar ta kirki ce. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya samu shiga bautar ƙasa da shi. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Irin wannan takarda, ko ka tambayi wanda ya bayar, cewa zai yi tasu ce. Don haka ka duba ko NBTE, hukumar da ke kula da kwalejojin fasaha, ta amince da kwalejin, tunda difloma ce. Da digiri ne, hukumar kula da jami'o'i ta NUC za ka duba.

Idan kuma ka nema ba ka samu ba, kada ka yi saurin kiran ɗan mutane ɓarawo. Makarantu da yawa ba su ɗora tsofaffin bayanansu ba, wasu ma ba su da tsarin sam. A nan sai a koma tsohuwar hanya, wasiƙa ko aike zuwa ofishin magatakarda. Idan a cikin jihar nan makarantar take, kuɗin mota ne kawai.

Sai maganar da na san ba za ka so ba. Na lura tun farko ka riga ka yanke shawara saboda ɗan abokin Yaya ne, takardar kawai kake so ta wanke ka. Ko ta fito tsaf, abin da ta shaida shi ne ya ci jarrabawa. Ka ɗauko littafin bashinka na watan jiya, ka ba shi awa ɗaya ya fitar maka da wanda ake bi da jimillar da ke waje, ka gwada da abin da ka sani. Sannan ya yi wata uku a gabanka a nan Katsina kafin a yi maganar Daura. Idan lokacin ya yi, ka fara da kayan miliyan uku, a riƙa ƙidaya duk ranar Asabar, kuɗi ya shiga asusunka kai tsaye, kuma abokin Yayan ya sa hannu a rubuce cewa ya tsaya masa. Idan ya ce ai tsakaninku ba sai an rubuta ba, ka riƙe makullin siton tukuna.