Saƙon godiya ga kwastoman da ya biya da wuri

"Wani Alhaji daga Zinder ya ɗauki atamfa bashi a shagona a Kwari, mun yi alkawarin sati huɗu ya biya cikin kwana goma, me zan rubuta masa?"

Ɗan'uwa tura yau ɗin nan, kar ya kwana. Kuma don Allah kar ka cusa tallan sabon kaya a ciki, in ya ga talla sai ya ɗauka godiyar ma ciniki ce. Faɗi kuɗin da ranar, ya zama kamar rasit: "Salam Alhaji, alat na dubu 850 ya shigo yau Talata, tun kafin lokaci. Na soke sunanka a littafi. Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci." Ranar da sabon zane ya sauka sai ka fara tura masa hoto kafin kowa.