Amsar murya kan azumin Baba mai ciwon suga

Tambayar da aka turo: "Assalamu alaikum. Babanmu shekararsa 62, yana da ciwon suga nau'i na biyu shekara 12. Yana shan gilibenkilamaid miligiram 5 safe da yamma, da metfomin 500 sau uku. HbA1c ɗinsa 8.2. Bara sau biyu ya karya azumi saboda karkarwa da la'asar. Mu mayar masa da maganin safe zuwa sahur kawai?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a, don Allah kada ku yi haka. Na ma fi zaton abin da aka yi bara ke nan, shi ya sa yake karkarwa da la'asar. Amma kafin mu zo kan lokacin magani, akwai abin da ke gabansa, wato a wane aji Baba yake, domin ba kowane mai suga ne ake ce wa ya ɗauki azumi ba.

Akwai ma'aunin da ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, ta fitar tare da DAR, ƙungiyar da ke nazarin ciwon suga da azumin Ramadan, a 2021, shi muke amfani da shi. Maki ake ba mutum a kan kowane abu, sai a tara. Daga sifili zuwa 3 haɗarin kaɗan ne, zai iya azuminsa. Daga 3.5 zuwa 6 tsaka-tsaki ne, shawarar likita a nan ita ce a haƙura, idan kuma mutum ya dage sai a yi masa shiri na musamman. Ya haura 6 kuwa, babu azumi.

To bari mu lissafa na Baba. Ciwon ya kai shekara goma, maki 1. HbA1c, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku, tsakanin 7.5 da 9, maki 1. Gilibenkilamaid shi kansa maki 1 ne. Sugansa yana faɗuwa jefi-jefi, bai kai sau ɗaya a mako ba, maki 1. Azumin bara bai zo da sauƙi ba, wani 1. Sai gwaji a gida. Ba ki ce komai a kai ba, kuma yawanci idan ba a ambata ba, na'urar tana cikin durowa ne, sai jiki ya motsa a ɗauko ta. Mu ce maki 1, idan ba ya gwadawa sam kuma 2 ne. Kin ga mun kai 6 ke nan, yana tsaye daidai bakin layi. Tsawon yini bai ƙara masa komai ba, domin sai azumi ya kai awa 16 ake ba da maki, namu nan kuwa tsakanin awa 13 ne da 14.

Amma abin da ya fi damuna ba ki kawo shi ba, ƙoda. Mutum ya yi shekara 12 da suga, dole a duba ƙodarsa kafin watan ya kama. A takardar gwajin za ki ga an rubuta eGFR. Idan ya haura 60, alhamdulillahi, babu ƙari. Tsakanin 45 da 60 maki 2 ne, kin ga Baba ya zama 8, ya fita daga cikin masu azumi. Daga 30 zuwa 45 maki 4. Ƙasa da 30 kuwa shi kaɗai 6.5 ne, ba sai an lissafa sauran ba. Haka nan ciwon zuciya da bai lafa ba, ko mutumin da sugansa ke faɗuwa ba ya jin alamar komai sai dai a gan shi ya zube, kowane ɗaya shi kaɗai ya isa ya hana azumi. Kuma aikin da mutum ke yi yana shiga lissafi. Wanda ke zaune a shago daban, wanda ke noman rani ko dako cikin rana daban, shi maki 2 ne zuwa 4.

Yanzu maganin. Metfomin ba shi da rigima, da wuya ya kayar da suga shi kaɗai. Mai shan 500 sau uku, sai ya sha 500 da sahur, ya haɗe na rana da na dare su zama 1000 ya sha da buɗa-baki. Jimillar ba ta canza ba. Mai sha sau biyu, ɗaya sahur ɗaya buɗa-baki. Mai sha sau ɗaya, buɗa-baki. Sai dai idan ƙodar ta yi rauni, nan likita zai rage shi ko ya cire.

Gilibenkilamaid shi ne matsalar, kuma wallahi maganar nan mun gaji da maimaita ta duk shekara. Aikinsa shi ne ya matsa wa jiki ya fitar da insulin, ko akwai abinci a ciki ko babu, shi bai san ana azumi ba. Kuma yana daɗewa a jiki, aikinsa kan kai kusan yini da kwana. Duba abin da ke faruwa. An tashi ƙarfe huɗu da rabi, an sha koko da suga da burodi, an haɗiye miligiram 5. Koko ba ya jimawa a ciki, kafin hantsi ya wuce. Maganin kuwa yana nan yana aiki, ga ragowar na daren jiya a kai. Azahar ta yi, ajiyar sugan da ke hanta ta fara ƙarewa, kafin la'asar sai gumi, sai hannu na rawa, sai zuciya na bugawa. Mutanen gida su ce ai yunwar azumi ce, Baba daure, saura awa biyu. Ba yunwa ba ce, suga ne ya faɗi. Idan ƙoda ba ta tacewa da kyau kuma, maganin taruwa yake yi, har ka ba mutum suga ya farfaɗo, bayan 'yan awanni ya sake zubewa. Amma saboda yana da araha, kowane kemis akwai shi, sai ka ga dattijo yana ta saye da tsohuwar takardar da aka rubuta masa shekara takwas da suka wuce, babu wanda ya sake dubawa. Mai kemis ya ba shi, shi kuma ya karɓa, kowa na ganin ya yi daidai. Kai, bari dai in bar wannan.

Abin da ya fi shi ne likitansa ya canza masa zuwa gilikilazaid ko gilimefiraid. Dangi ɗaya ne, amma ba su kai shi kayar da suga ba, shi ya sa makinsu rabi ne. Kuma ba ranar da aka ga wata ake canji ba. Mako shida zuwa takwas kafin azumi ake zuwa asibiti, wato tun cikin Rajab, don a ga yadda jiki ya karɓi sabon maganin. Idan an canza, kuma ya riƙe gwaji yadda ya kamata, makinsa ya sauko 4.5. Har yanzu tsaka-tsaki ne fa, kada ki ce na ce ya tsira, amma ya ja baya daga bakin layi. Idan canjin bai yiwu ba, ƙa'idar wannan dangin magani ita ce cikakken adadi yana tafiya buɗa-baki, inda babban abinci yake, na sahur kuma a rage shi. Ga irin Baba, likita zai iya barin 5 da buɗa-baki, ya mayar da na sahur 2.5 ko ma ya cire shi, gwargwadon abin da gwaji ya nuna. Likitan da ke riƙe da katinsa ne zai yanke adadin, ba ku a gida ba.

Tunda na san akwai masu allura a cikin zauren nan, ku ma juyawa ake yi. Mai gaurayayyen insulin sau biyu, a ce 20 da safe 10 da dare, sai 20 ɗin ya koma buɗa-baki, 10 ɗin ya koma sahur amma a rage masa kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi, ya zama 5 zuwa 7. Mai dogon insulin sau ɗaya a yini, a rage kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari a yi da buɗa-baki. Ku lura, gaurayayyen sau biyu shi kaɗai maki 3 ne, saboda haka kada wanda ya taɓa allurarsa bai ga likita ba.

Af, na tsallake gwajin, alhali shi ne ƙashin bayan abin. Huda yatsa don gwada suga ba ya karya azumi, malamai sun daɗe da faɗar haka, ku gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa. A makon farko a gwada kafin sahur, da azahar, da la'asar, da awa biyu bayan buɗa-baki, da kuma duk lokacin da ya ji jikinsa ba daidai ba. Idan tsinken gwajin ya yi muku tsada, kada a bar na la'asar da na bayan buɗa-baki. Lambobi biyu za ku rubuta ku liƙa a bango. Ƙasa da 70, a karya azumi nan take, ko da ladan ya riga ya nufi masallaci. Sama da 300, shi ma a karya, a sha ruwa, a nemi asibiti. Idan ya nuna tsakanin 70 da 90 da rana, a sake gwadawa cikin awa ɗaya. Ki duba fuskar na'urarku. Waɗannan lambobin na mai rubuta mg/dL ne. Mai rubuta mmol/L nata 3.9 ne da 16.6.

Idan ya faɗi kuma yana cikin hayyacinsa, a zuba ƙaramin cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a rabin kofin ruwa ya shanye, bayan minti 15 a sake gwadawa. Bai haura 70 ba a ƙara. Ya haura, a ba shi abinci na gaske, tuwo ko shinkafa da wake, kuma a ci gaba da sa masa ido har dare saboda halin maganin nan da na faɗa. Idan ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti, a tafi da kwalin maganin.

Abinci kuma, a jinkirta sahur zuwa dab da alfijir, a bar koko mai suga a koma wake, alale, ƙwai, ko ɗumamen tuwon dawa da miya mai ganye, su ne ke riƙe ciki. Da buɗa-baki dabino ɗaya zuwa biyu da ruwa sun isa. Abin da ke tura suga 300 da dare shi ne a jera kunun gyaɗa mai suga da zoɓo mai suga da fanke da lemon kwalba a kan tabarma ɗaya. Ruwa ya riƙa kurɓa tsakanin magariba da sahur, ba wai ya tara ya kwankwaɗa lokaci guda ba. Idan yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ku faɗa wa likita, shi ma lokacinsa kan canza, amma wannan wata maganar ce.

Idan gwajin ƙoda ya fito aka ce bana ya haƙura, batun ramuwa ko ciyarwa ku kai wa malamin unguwarku tare da bayanin likita, shi zai fi shawo kan Baba fiye da ku 'ya'yansa. Idan kuma ya yi azumin, ranar Sallah a mayar da kowane magani lokacinsa na da. Ki turo min sakamakon eGFR ɗin idan ya fito.