Ko abincin ɗana yana ba shi furotin isasshe?

"Ɗana shekara 6, nauyinsa kilo 20. Koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo da dare. Ya ishe shi?"

Maman yaro, ga lissafin. Yaro mai shekara 4 zuwa 13 yana buƙatar kusan giram 0.95 na furotin a kowane kilo na nauyinsa kullum, sai ki ɗauka giram 1 don sauƙi. Naki ke nan giram 20 yake nema.

Ƙosai uku matsakaita za su ba da wajen giram 5, koko kuwa ruwa ya fi yawa, ki sa masa 1. Shinkafa da wake, idan dafaffen waken ya kai rabin kofi, giram 7 ne, shinkafar kofi ɗaya ta ƙara 4. Malmalar tuwon masara ƙarama, 3 ko 4. An kai 20 ke nan, a ƙiyasi.

Amma fa abin da ya shiga ciki ake ƙirgawa, ba abin da kika zuba ba. In ya tsince waken ya ture gefe, kamar yadda yara suka saba, an koma 13, kuma saura yawanci na hatsi ne, wanda shi kaɗai bai cika inganci ba sai an haɗa da wake ko gyaɗa. Ranar da ya yi haka, ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin nono wajen 8.

Ki riƙa auna shi duk bayan wata uku. In nauyin ya tsaya cak ko ƙafafu suka kumbura, asibiti za ki kai shi.