Saƙon da ba a gyarawa, sai dai a ɗaga waya

"Maigida, Alhaji ya tura mini saƙonni 12 a WhatsApp, ya ce in gyara in aika wa abokan ciniki. Tara sun gyaru. Uku kuwa tun hantsi nake juya su, kowace juyawa sai su ƙara muni. Ina na kuskure?"

Ɗana, ba rubutunka ne ya gaza ba, ukun nan ba na rubutu ba ne tun farko. Alamar ma ka gan ta da kanka: saƙon da ka sake har sau uku, yana ƙara tsawo, gaisuwa na ƙaruwa a kansa, "don Allah a yi haƙuri" na ƙaruwa a gindinsa, wannan aje shi.

Kafin in taɓa kowane saƙo ina tambayar kaina: abin da ke ciki, mutumin ya riga ya san shi kuma ya yarda? Taran da suka gyaru ai duk haka suke. Kaya sun iso, ga lambar mota, ga ranar lodi, mun ga kuɗinka. Sanarwa ce. Amma in saƙo zai canza maganar da aka riga aka ƙulla, mai karantawa zai so ya ce "to yaya ke nan?" nan take, kuma rubutu ba ya amsawa.

Ɗauki na mutumin Dakoro. Ya biya kuɗin shinkafa buhu 40, buhu 25 suka samu, sauran 15 sai mota ta gaba, kuma an ƙara jika guda a kowane buhu cikin 15 ɗin. Alhaji ya ce ka rubuta masa ya ciko jika 15. Ko da zuma ka rubuta shi, abin da mutumin zai gani shi ne an riƙe masa kuɗi, an rage masa kaya, an kuma ce ya ƙaro. Zai kwana yana tafasa, ya nuna wa maƙwabtansa na kasuwa, kafin gari ya waye ya gama yanke hukunci. A waya kuwa cikin minti uku za a ji inda abin ke masa ciwo. Wataƙila jika 15 ɗin ba ta dame shi ba, damuwarsa ya riga ya yi wa masu sari alkawarin buhu 40 a kasuwa mai ci.

Kuma ba kai za ka kira ba. Ba ka da ikon ragi, mutumin kuma zai ji an rena shi, a ce yaron shago aka sa. Naka shi ne ka kai wa Alhaji 'yar takarda: abin da aka biya, abin da ya samu, abin da ya rage, da hanyoyin da za a iya ba shi. Ko ya ɗauki 25 ya karɓi kuɗin 15, ko ya jira mota a tsohon farashi in Alhaji zai ɗauki asarar, ko a raba ƙarin biyu. Alhaji ya zaɓa kafin ya danna lamba, kada a kira mutum ana inda-inda. A bari sai bayan La'asar, kasuwa ta lafa.

Na biyu, na dattijon da ake bi bashi. Wa zai karanta masa? Da yawa cikin abokan cinikinmu ɗa ne ko yaron shago ke karanta musu saƙo, da ƙarfi, a rumfa. Ni na taɓa yi. Na tsara wa wani dattijo na Tasawa tunin bashi, ladabi kamar me, har ina jin daɗin kaina. Jikansa ya karanta masa a gaban mutum biyar suna shan shayi. Kwana biyu ya aiko kuɗin cif, ko dala ba ta yi ciwon kai ba, daga ranar bai sake sayen ko ashana a wurinmu ba. Saƙon murya ma bai tsira ba, don a bainar jama'a ake kunna shi. In an kira, bayan gaisuwa a tambaya ko yana inda za a iya magana.

Na ukun gajere ne: sabuwar lambar da za a riƙa tura kuɗi. Irin saƙon da ɓarayin waya ke aikawa ke nan, mai hankali ba zai yarda da shi ba. Alhaji ya kira da tsohuwar lambarsa, su ji muryar da suka sani.

Kada kuma ka ɗauka waya ta kashe rubutu. Adadi a baki yana zamewa, wata biyu a ce "ni ba haka na ji ba". Da Alhaji ya kashe waya, ka rubuta layi biyu: "Kamar yadda kuka yi magana da Alhaji yau, buhu 25 za su tashi gobe, 15 ranar Asabar a tsohon farashi." Wannan kam gyara shi yadda kake so. Aika taran yanzu, ukun kuma zo da su, mu shiga wurin Alhaji tare in ya fito daga masallaci.