Na ba da amsa daidai, amma ta wani aka bi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran kwamfuta ne. Wata baiwar Allah ta yi tambaya a rubuce cewa katin memorinta ya ƙi buɗewa, kwamfuta na ce mata ta yi fomat, ga hotunan mahaifinta marigayi a ciki. Na rubuta mata: "Kar ki yi fomat." Wani ya zo ya ce ta yi kawai, ba abin da zai faru. Maganarsa ta bi, hotuna sun tafi. Abin ya tsaya mini a rai. Kullum ana cewa a taƙaita amsa, ni kuma na taƙaita. Ina kuskurena?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinta. Kafin mu zo kan kuskure, ka neme ta yau ka ce ta zare katin ta ajiye, kar ta ƙara ɗora masa komai. Idan Quick Format ta yi, sau da yawa hotunan na nan, teburin da ke nuna inda kowane fayil yake ne kawai aka sabunta. Idan kuwa ta cire alamar Quick Format ta yi cikakke, to tun daga Windows Vista wannan yana bin katin gaba ɗaya yana rubuta sifili a kai, sai dai haƙuri.

Kuskurenka kuwa, ɗan'uwa, wurin da ka sa almakashi ne. Ka yanke dalili ka bar umarni tsirara. Ka sa kanka a matsayinta: ba ta san ka ba, ba ta san wancan ba. Ɗaya ya ce kar ki yi, ɗaya ya ce ki yi, ga kwamfutar kanta ta goyi bayan na biyun, tana cewa:

```
You need to format the disk in drive E: before you can use it.
```

Biyu da ɗaya ke nan. Kuma shi wancan ya fi ka wayo, don ya haɗa da "ba abin da zai faru". Ƙarya ce, amma ta yi kama da dalili, kai kuwa ko mai kama da shi ba ka bayar ba. Da me kake so ta auna?

Wannan ita ce cutar da nake gani kullum, har ta ishe ni: mutane sun ɗauka gajeriyar amsa ita ce hukunci zalla. "Yi kaza." "Bar kaza." "Canza batir." Suna ganin mai ilimi ba ya tsayawa bayani, wai faɗar dalili rage wa kai girma ne. To ka sani, amsar da ba ta da dalili ita ce rigar da ɗan damfara ya fi saurin sawa, domin ba ta bukatar ya san komai. Wanda bai taɓa buɗe bayan kwamfuta ba zai iya rubuta "yi fomat kawai" cikin daƙiƙa uku, da ƙarfin gwiwar da ya fi naka. In kai ma ka rubuta kalmomi huɗu ka tafi, ka sauko filinsa, kuma a filinsa mai ƙarfin murya ne ke cin nasara. Abin da ba zai iya kwaikwaya ba shi ne "saboda". Da zarar ya fara bayanin yadda abin ke aiki, asirinsa ya tonu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari, wanda ko masu gaskiya ba sa lura da shi. A ce ta bi maganarka, ba ta yi fomat ba. Sai ta mayar da katin cikin waya don ta gwada, ya buɗe, ta ɗauki sabon bidiyo a kai. Ko wani ya ce ta gudanar da umarnin gyaran faifai `chkdsk E: /f`, wanda shi ma rubutu yake yi a kan katin. Ta bi umarninka sak, amma ɓarnar da kake gudu ta faru, domin ƙofa ɗaya ka rufe ka bar sauran a buɗe. Umarni yana aiki ne a kan yanayin da ka hango kaɗai. Dalili kuwa yana bin mutum har wurin da ba ka nan. Wanda ya fahimci cewa rubutu a kan katin ne abokin gaba, da kansa zai guje wa duk hanyoyin nan, har da waɗanda ba ka ambata ba.

Ga abin da ya kamata ta samu daga gare ka:

"Kar ki yi fomat, ki danna Cancel ki zare katin. Wannan saƙon yawanci yana nufin teburin fayiloli ne ya lalace, hotunan suna nan, amma duk sabon abin da aka rubuta a katin zai iya hawa kansu ya shafe su. Don haka kar ki mayar da shi waya, kar ki ajiye komai a ciki. A gwada manhajar ceto fayiloli ta PhotoRec, kyauta ce, kuma abin da aka ceto a zuba shi a kwamfuta, ba a kan katin ba. In kwamfuta ba ta ganin katin sam, ko tana nuna girmansa ba daidai ba, galibi matsalar a jikin katin take, manhaja ba za ta yi ba, sai masu ceto bayanai."

Jimla biyar ce, ba ta kai minti ɗaya a karatu ba. Dubi jerin. Abin yi ya zo farko, don mai fargaba layin farko yake karantawa ya tashi. Dalili ya biyo, guda ɗaya tak, wanda in an cire shi komai ya rushe. Ba a kawo tarihin tsarin fayiloli na FAT32 da exFAT ba, don ba ta tambaya ba kuma ba zai canza abin da hannunta zai yi ba. Wannan ne ma'aunin yanka: duk jimlar da cire ta ba zai canza matakin da mai tambaya zai ɗauka ba, cire ta. Paul Grice, masanin falsafar harshe, ya faɗi kusan haka a 1975: ka ba da bayani gwargwadon bukata, ba ƙasa ba, ba sama ba. Mutane sun riƙe rabin ƙarshe sun yar da na farko.

Jimlar ƙarshe, mai nuna inda shawarar ta ƙare, ita ce wadda abokan sana'arka suka fi ƙin rubutawa, wai tana nuna rauni. Ni kuwa da ita nake gane wanda ya san aiki. Mai cewa maganinsa na yi wa kowane kati aiki, bai ga katuna da yawa ba. Haka kalmar "yawanci" da na sa: ba noƙewa ba ce, ba ka riƙe katin a hannunka ba, kar ka yi rantsuwa a kansa.

Wani lokaci ma amsar da ta fi amfani tambaya ce. Da ba ta faɗi saƙon da ta gani ba, sai ka ce ta dakata kar ta taɓa komai, ka tambaye ta me allon ya rubuta daidai, kuma a waya ne ko a kwamfuta. Shi ma ka gaya mata abin da ya sa kake tambaya, in ba haka ba za ta ɗauka jan rai kake yi, ta koma wurin mai amsa nan take.

Shi kuma wancan mai "ba abin da zai faru", in kun sake haɗuwa kar ka zage shi, zagi tausayin mutane yake jawo masa. Ka tambaye shi cikin ladabi me fomat ke rubutawa a kan kati, kuma a ina. Sai ka jira amsarsa.