Malamin da ke makara: da wane irin shugabanci direkta zai kama shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A bana aka naɗa ni direktan wata makarantar firamare ta gwamnati a bayan garin Garwa a Kamaru. A wurin horo an ce mana shugabanci iri biyu ne, na ba-ni-in-ba-ka da na sauya mutane, kuma wai na biyun ya fi. Ni dai ban ga bambancinsu a aikina na kullum ba. Ina da malamin da ke makara kusan kowace safiya. Da wanne zan kama shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Direkta. Allah ya taya ka riƙo.

Wanda ya yaɗa wannan rabe-raben wani masanin tarihi da siyasa ne ɗan Amurka, James MacGregor Burns, a littafin da ya fitar a 1978. Shi 'yan siyasa yake nazari. Ya lura cewa akwai shugaban da alaƙarsa da mabiya musaya ce, ku ba ni ƙuri'a in ba ku aiki, akwai kuma wanda ke ɗaga burin mabiyansa har abin da suke so ya canja. A 1985 Bernard Bass ya kawo maganar cikin ma'aikatu, ya kuma yi mata wani gyara da a ganina shi ya fi shafar ka. Burns ya ɗauki irin biyun a matsayin ƙarshe biyu na igiya ɗaya, in ka matsa nan ka nisanci can. Bass ya ce mutum ɗaya yana iya yin duka biyun, kuma na sauya mutane a kan na musaya ake ɗora shi. Saboda haka wanda ya ce maka na biyun ya fi, rabin magana ya faɗa.

Mu zo kan malaminka. Ban san shi ba, don haka zan ɗauki irin wanda aka fi samu a makarantunmu na arewa. Mu ce malamin aji biyu ne, ba ya cikin masu albashin gwamnati, ƙungiyar iyaye da malamai ce ke biyansa daga ɗan abin da iyaye ke tarawa. Ana shiga aji ƙarfe bakwai da rabi, shi sai takwas ta gota yake shigowa, yara sama da saba'in suna ta hayaniya, malamar aji ɗaya tana leƙa su ta taga.

Shugabancin musaya yana da fuskoki uku, kuma duk ukun za ka gan su a nan. Ta farko, wadda ta fi muni, ita ce ka yi shiru sai abu ya lalace. Kana ganin makarar ba ka tanka ba, sai ranar da sufeto ya zo ya tarar da aji babu malami, sannan ka tashi da faɗa. Malaman za su koyi darasi ɗaya daga wannan: laifi shi ne a kama ka. Fuska ta biyu ita ce sa ido tun kafin a kai nan. Ka ajiye littafin sa hannu a kan teburinka, kowa ya rubuta lokacin da ya iso, ƙarfe bakwai da rabi ka ja layi da jan biro. Wanda ya zo bayan layi sau uku ka kira shi ofis, in ya maimaita ka ba shi takardar neman bayani. Fuska ta uku, wadda ta fi amfani, ita ce yarjejeniya bayyananna: ga abin da nake so, ga abin da za ka samu. Misali, ka ce masa in ya cika wata guda bai faɗa ƙasan layi ba, kai da kanka za ka tsaya gaban shugaban ƙungiyar iyaye har a biya shi kuɗinsa a kan kari, kuma in an buɗe horo sunansa za ka fara miƙawa.

Kada wani ya sa ka raina wannan. Makarantar da babu littafin sa hannu, babu ranar miƙa sakamako, babu wanda ya san abin da ke biyo bayan laifi, masu ƙoƙarin cikinta ne suka fi cutuwa, domin su ke ɗaukar nauyin masu sakaci. Sai dai musaya tana da sharaɗi mai tsauri: dole abin da ka yi alkawari ya zama yana hannunka. Kai ba ka ƙara albashi, ba ka ɗaukar ma'aikaci, ba ka korar ma'aikacin gwamnati. In ka ce za a biya shi ranar biyar ga wata, biyar ta wuce iyaye ba su kawo kuɗi ba, to ka karya yarjejeniyar da bakinka, kuma jan bironka ya daina ba kowa tsoro. Ka yi alkawarin abin da kake da iko a kansa kawai.

Tana kuma da iyaka. Littafin sa hannu yana sayen abin da ake iya aunawa, wato ƙafar malami a cikin aji ƙarfe bakwai da rabi. Ba ya sayen abin da zai yi bayan ya shiga. Zai iya zuwa da wuri ya cika allo da rubutu, ya zauna, yara su kwafa har a tashi.

Nan ne ɗaya shugabancin ke shigowa, kuma yana farawa da tambayar da littafi ba ya yi: me ya sa? Ka zauna da shi ku biyu, ba a gaban malamai ba, ba kuma a ranar da ya makara ba. Wataƙila ka tarar wata uku ba a biya shi ba, yana haya da babur da asuba don ya bar cefane a gida. Wataƙila kuma ka tarar da abin da ya fi wannan zurfi: bai taɓa shiga makarantar horon malamai ba, yaran ajinsa da Fulatanci da Hausa suka zo, shi yana yi musu Faransanci ba sa ganewa, har ya yanke a ransa cewa zuwansa da wuri da makararsa duk ɗaya ne. Mutumin da ya kai nan, takardar neman bayani ba za ta taɓa wurin da ke masa ciwo ba.

Bass ya lissafa abubuwa huɗu da mai sauya mutane ke yi. Zaman nan da kuka yi shi ne ɗaya daga ciki, wato duba kowane mutum da halin da yake ciki. Na biyu zama abin koyi: in kai kana isowa bakwai da kwata, kuma kuɗin ƙungiyar iyaye kana karanta lissafinsa a fili, to maganarka ta sami nauyi tun ba ka buɗe baki ba. Na uku ba wa aikin manufar da mutum zai ji tasa ce. "Mu ɗaga makarantarmu" magana ce da ba ta kama komai. Amma in ka ce masa, "Malam, yaran da ke faɗuwa jarrabawar satifiket a aji shida, a ajinka ake sanin makomarsu, domin wanda ya bar aji biyu bai iya haɗa baƙi ba da wuya ya kamo," ka nuna masa cewa ajin da yake ganin na raini ne shi ne ginshiƙi.

Na huɗun shi ne wanda daraktoci suka fi tsallakewa, kuma shi na fi so ka riƙe: ka sa shi ya yi tunani da kansa. Ku ɗauki safiya ɗaya ku gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya karanta layi biyu. Mu ce cikin 72 aka sami 20 da suka iya. Kada ka ce ga abin da za ka yi. Ka tambaye shi, su 52 ɗin nan a ina suke tsayawa, a gane baƙi ne ko a haɗa shi? Me yake ganin za a gwada? Yana iya cewa a raba su gida uku a rabin sa'ar farko, waɗanda suka iya su zauna da waɗanda ba su iya ba. Ka bar shi ya gwada mako shida, ka shiga ajin sau ɗaya a mako ka zauna a baya, ba da jan biro ba, sannan ku sake ƙirgawa. Lura da inda rabin sa'ar ta faɗa: ƙarfe bakwai da rabi. Yanzu in ya makara, shirin da ya fito daga kansa ne zai rushe.

Ta yaya za ka gane wanne ke aiki a makarantarka? Ranar da aka kira ka taro ofishin sufeto, kowa ya san ba za ka dawo ba sai azahar, ka tambayi abin da ya faru. In ajujuwa sun watse, to abin da kake da shi musaya ce zalla. Wata alamar kuma ita ce irin maganar da malamai ke kawo maka. Masu zaman musaya izini suke nema, ko su tambayi me za a ba su. Ranar da malami ya tare ka a bakin ƙofa ya ce, "Direkta, na gwada abu kaza bai yi ba, ina so in canja," an fara sauyawa.

Akwai hanyar da wannan shugabancin ke lalacewa, kuma a wurinmu tana da sauƙin faɗawa. Direkta ya iya magana, kowace Litinin bayan an ɗaga tuta sai ya yi jawabi a kan sadaukarwa da ladan koyarwa, alhali malaman da iyaye ke biya suna bin bashin watanni kuma bai taka ko'ina a kai ba. Wannan cin gumin mutane ne da daɗin baki, kuma Bass kansa ya bambanta shi da na gaskiya, ya kira shi na jabu. Malamin da ke bin bashi, haƙƙinsa za a fara da shi. Don haka in labarin naka na rashin biya ne, tafiyarka ta farko wurin shugaban ƙungiyar iyaye ce, kafin maganar manufa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa a wurin horo ba. A 2008 Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a kan shugabannin makarantu, suka sami cewa shugabancin da ke sa hannu kai tsaye a harkar koyarwa ya ninka na sauya mutane sau uku zuwa huɗu wajen tasiri a kan sakamakon ɗalibai. Yawancin binciken a ƙasashe masu arziki aka yi shi, inda aji ba ya kai namu cika, amma dalilin yana da ma'ana a ko'ina: malamai suna iya ƙaunar direkta, su yi aiki da farin ciki, yara kuma ba su iya karatu ba. Shi ya sa na ɗaure maka misalin a kan ƙirga masu iya karatu.

Ga yadda zan jera maka shi. Wannan makon ka kafa littafin sa hannu a kan kowa, har da kai, don kada ya ga shi kaɗai aka nufa. A cikin makon ka zauna da shi ka ji dalili. Abin da yake haƙƙinsa ne ka bi masa. Mako mai zuwa ku gwada yaran. In bayan mako shida an biya shi, an saurare shi, an ba shi fili, kuma har yanzu sunansa na ƙasan jan layi, ka rubuta masa takardar, ka kai maganar gaban ƙungiyar iyaye tare da littafin a hannunka.